Mil ɗin jirgin sama ga mai tafiya sau biyu ko uku a shekara

Tambaya: "Ina hawa jirgi kamar sau uku a shekara, doguwar tafiya biyu da gajeriya ɗaya. Na yi rajista da kamfanoni uku, kowanne da 'yan mil a ciki, bara ma wasu suka ɓace ban ci moriyarsu ba. Mutum irina yana iya samun tikiti da mil kuwa, ko in haƙura?"

Amsa:

Malam, za ka iya samu, amma sai ka sauya tsari, kuma sai ka rage buri. Na daɗe ina aikin yanka wa matafiya tikiti, kuma abin da na fi gani shi ne ana ba mai tafiya jefi-jefi shawarar da ta dace da wanda kullum yana sama. Wancan yana tara mil, wato makin da kamfanin jirgi ke ba fasinja don ya musanya da tikiti, har dubu ɗari a shekara, komai ya yi zai samu wani abu. Kai kuwa abin da kake tarawa kaɗan ne, yana zuwa a hankali, saboda haka abubuwa biyu ne za su yanke maka hukunci: inda kake zuba mil ɗin, da kuma ko suna mutuwa kafin su taru.

Mu fara da sanin nawa kake samu, don mutane da yawa suna zaton duk mil ɗin da jirgi ya ci a sama nasu ne. Haka aka faro a 1981, lokacin da American Airlines ya buɗe shirinsa na AAdvantage, amma yanzu lissafin ya rabu gida biyu.

Wasu kamfanoni suna duba kuɗin da ka biya. Delta da United sun koma wannan tsari a 2015, inda suka fara da ba memba mai ƙaramin matsayi a shirinsu mil 5 kan kowace dala. Flying Blue na Air France da KLM ya bi sahu a 2018 da mil 4 kan kowane Yuro, British Airways kuma a 2023. Abin lura a nan shi ne ba duk kuɗin tikitin ake ƙirgawa ba. Ana cire harajin gwamnatoci da kuɗin filayen jirgi, sannan a ninka abin da ya rage. Wasu kamfanonin kuma har yanzu nisan tafiya suke dubawa, musamman idan ka hau jirgin wani kamfani ka zuba mil ɗin a asusun abokin ƙawancensa. Sai dai nisan ma ba a ba ka shi cikakke. Ana ba ka wani kaso ne gwargwadon harafin tikitinka.

Wannan harafi ya cancanci mu tsaya a kansa, don kusan duk wanda ya zo mini da ƙorafin an ba shi mil kaɗan, a nan matsalar take. A cikin ɓangaren ikonomi na jirgi ɗaya, kujerun iri ɗaya ne, abincin iri ɗaya, amma ana sayar da su ƙarƙashin haruffa fiye da goma. Y shi ne tikitin ikonomi mai cikakken farashi, J da C na bizines ne, F na babbar kujera. Tikitin rangwame yana zuwa da wasu haruffan, kuma ma'anarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka kada ka haddace cewa harafi kaza kullum mai kyau ne. Za ka ga harafin a takardar tikitinka inda aka rubuta `Class` ko `Booking class`, idan kuma babu, harafin farko na `Fare basis` galibi shi ne. Kowane shiri yana da jadawali a shafinsa da ke nuna kason da kowane harafi na kowane abokin ƙawance yake bayarwa: wannan 100 cikin ɗari, wancan 50, wani 25, wani kuma sifili. Sifili ɗin gaskiya ne. Delta ya daina ba da mil kan tikitinsa mafi araha tun ƙarshen 2021, kuma tikitin da ejan ya saya wa ayari gaba ɗaya ko na jirgin shata sau da yawa ba ya kawo komai.

Bari mu sa lambobi. Na misali ne, na zaɓe su don su yi kusa da irin tafiyarka, sai ka maye su da naka. A ce doguwar tafiyarka mil 3,000 ce zuwa, 3,000 dawowa, jimilla 6,000. Don ka kwatanta, tsakanin Landan da New York kusan mil 3,450 ne. A ce tikitin dala 800 ne, 150 a ciki haraji, 650 kuma na kamfani. A shirin da ke ba da mil 5 kan dala, ka samu 3,250. A shirin nisa, idan harafinka na kashi 50 ne ka samu 3,000, idan na kashi 25 ne 1,500 kacal. Mu ɗauki 3,000. Dogayen tafiye-tafiye biyu sun ba ka 6,000, gajeriyar ta ƙara kamar 700 zuwa 1,000. Abin da kake samu a shekara bai wuce mil 7,000 ba.

Riƙe wannan lamba, don ita ce za ta bayyana maka abin da ya faru bara.

Shirye-shiryen mil sun kasu uku wajen mutuwar mil. Akwai waɗanda nasu ba sa mutuwa ko kaɗan: Delta SkyMiles tun 2011, United MileagePlus tun 2019. Akwai waɗanda agogonsu ke komawa farko da zarar asusun ya motsa, ko ka samu mil ko ka kashe. Avios, wato mil ɗin British Airways, suna nan muddin ba a yi wata 36 asusun yana kwance ba, AAdvantage kuma wata 24 ne. Mutumin da ke tafiya ko da sau ɗaya a shekara ba shi da fargaba a irin waɗannan, matuƙar yana zuba mil ɗin a wurin. Kashi na uku su ne masu wa'adi yankakke. Kowane mil yana da ranar haihuwarsa da ranar mutuwarsa, kuma sabuwar tafiya ba ta ƙara wa tsohon mil kwana. Miles & More na Lufthansa da KrisFlyer na Singapore Airlines wata 36 suke bayarwa ga mai ƙaramin matsayi. Emirates Skywards da Miles&Smiles na Turkish Airlines su ma kusan shekara uku ne, kowanne da yadda yake ƙirga ranar ƙarshe.

Yanzu haɗa wannan da mil 7,000 ɗinka. A shiri mai wa'adin shekara uku, asusunka ba zai taɓa wuce kusan 21,000 ba, ko shekara goma ka yi kana tarawa. Da ka shiga shekara ta huɗu, na shekarar farko suna zubewa ta ƙasa daidai lokacin da sababbi ke shigowa ta sama. Idan tikitin da kake hari yana bukatar 50,000, ba rashin haƙuri ne ya hana ka ba, lissafin ne bai yarda ba. Kai kuma ka raba 7,000 ɗin gida uku, kowane asusu yana samun dubu biyu da 'yan kai a shekara. A irin wannan rabo, babu asusun da zai kai ko farashin gajeren tikiti kafin wa'adi ya cim masa. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa ga mutum irinka ƙa'idar mutuwar mil ta fi komai muhimmanci, ta fi kyawun jirgin kamfanin, ta fi ma yawan abin da suke bayarwa kan kowace tafiya. Shirin da ke ba ka 2,500 da ba sa mutuwa ya fi maka wanda ke ba ka 3,200 masu wa'adi, idan dai abin da kake hari ya wuce abin da za ka tara cikin shekara uku.

To yaya za a haɗa su wuri ɗaya alhali ba kamfani ɗaya kake hawa ba? Ta hanyar ƙawance. Manyan kamfanoni sun taru cikin ƙungiyoyi uku. Star Alliance, wadda aka kafa a 1997, tana da Lufthansa, United, Turkish Airlines, Ethiopian Airlines, EgyptAir, Air Canada da Singapore Airlines cikin wasu da dama. Oneworld ta 1999 tana da British Airways, Qatar Airways, American Airlines, Cathay Pacific da Royal Air Maroc. SkyTeam ta 2000 kuma tana da Air France, KLM, Delta, Kenya Airways da Saudia. Emirates ba ya cikin ko ɗaya, yana da nasa abokan hulɗa ɗaiɗaiku. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba dole ba ne ka zuba mil a asusun kamfanin da ka hau. Kana iya hawa Turkish Airlines ka ba da lambar asusunka na United, ko ka hau Qatar Airways ka ba da ta British Airways. Kuma ba sai kana zaune a ƙasar kamfanin ba, yawancin shirye-shiryen suna karɓar rajista daga ko'ina kyauta. Tafiya ɗaya dai asusu ɗaya take shiga, ba a cin ta sau biyu.

Ga abin da zan so ka zauna ka yi da yamma ɗaya. Fito da tikitocinka na shekara biyu da suka wuce, ka rubuta kamfanin kowanne da harafinsa. Duba wace ƙungiya ce ta fi yawa a ciki. A cikin wannan ƙungiyar ka ɗauki shiri biyu ko uku waɗanda mil ɗinsu ba sa mutuwa ko agogonsu ke komawa farko, ka buɗe jadawalinsu ka ga nawa suke bayarwa kan haruffan da ka saba saye. Wanda ya ba haruffanka sifili ko kashi 25 ka ajiye shi gefe. Wanda ya rage shi ne gidanka. Idan tafiyarka ta rabu tsakanin ƙungiyoyi biyu, to asusu biyu, ɗaya a kowace, amma kada ya wuce haka. Ka karanta ƙa'idar wa'adin a shafin shirin a ranar da za ka yanke shawara, don kamfanoni suna sauya ta lokaci zuwa lokaci.

Wata matsala da ke tasowa a nan ita ce jirgin haɗin gwiwa, inda ka sayi tikiti da sunan kamfani ɗaya amma jirgin wani ne ya ɗauke ka. Za ka gane shi da kalmomin `operated by` a ƙarƙashin lambar jirgin. A Star Alliance galibi kamfanin da ya tuƙa jirgin ake dubawa wajen lissafin mil, a oneworld kuma wanda lambarsa ke kan tikitin. Idan mai jirgin ba ya cikin ƙungiyar, kana iya tashi a tutar babu ko da tikitin daga hannun ɗan ƙungiya ya fito.

Game da 'yan mil ɗin da suka rage maka a asusu uku, ba za ka iya kwashe su daga wani kamfani zuwa wani ba, ko da ƙungiyarsu ɗaya. Ƙawancen ya tsaya ne kan inda sababbi za su shiga da inda za a kashe su. Avios ne kawai suka fita daban a abin da matafiya suka saba: British Airways, Iberia, Aer Lingus, Qatar Airways tun 2022 da Finnair tun 2024 duk suna amfani da su, kuma ana iya matsar da su tsakanin asusun ɗaya bisa ɗaya. Idan naka ba irin waɗannan ba ne, ka kashe ragowar a kan duk abin da suka isa, ko ƙarin kaya ne ko ragin farashin tikiti na gaba, ka rufe babinsu.

Idan kana tafiya da iyali, akwai hanya mafi sauri ta ninka abin da kake tarawa. Kowane fasinja da aka saya wa kujera yana samun mil da sunansa, har yara a yawancin shirye-shirye, amma sai an buɗe masa asusu. Sannan shirye-shirye da dama suna barin iyali su haɗa tukunya ɗaya: British Airways yana karɓar mutum bakwai a asusun gida, Flying Blue manya biyu da yara shida, Emirates mutum takwas. Idan ku huɗu ne a ɗaya daga cikin dogayen tafiye-tafiyen nan, ƙarin mil 9,000 ne a shekara da wataƙila kake bari a ƙasa. Ya fi duk abin da kai kaɗai kake samu.

Yanzu zuba su. Ka sa lambar asusun tun lokacin sayen tikiti. Idan ejan ne ya saya maka, shiga shafin kamfanin da lambar bukin mai haruffa shida ka duba ko ya sa, don sau da yawa ana mantawa. Sunan da ke asusun dole ya yi daidai da na tikitin. Wannan ya taɓa cin wata tafiyata mai tsawo: sunana na tsakiya yana manne da na farko a tikitin, a asusun kuma babu shi, na'ura ta ƙi haɗa su, ni kuma ban duba ba sai da lokacin neman gyara ya wuce. Tun daga nan nake duba katin shiga jirgi kafin in bar kanta, don lambar asusun tana fitowa a jikinsa idan ta shiga. Ajiye katin, ko ka ɗauki hotonsa, tare da lambar tikiti mai alƙaluma 13. Uku na farko suna nuna kamfanin da ya fitar da tikitin, misali 125 na British Airways ne, 157 na Qatar Airways, 235 na Turkish Airlines. Idan sati biyu ya wuce mil ba su shigo ba, akwai wurin neman mil da suka ɓata a shafin kowane shiri, kuma yawanci suna ba da tsakanin wata 6 zuwa 12 daga ranar tafiyar. Saboda haka tafiyarka ta ƙarshe, idan ba a zuba ta ko'ina ba, wataƙila har yanzu kana iya nemo ta.

Sai kashewa, wanda a nan ne ake samun riba ko asara. Mil ba shi da tsayayyen farashi. Darajarsa tana fitowa ne a ranar da ka kashe shi, kuma ga yadda ake auna ta:

```
darajar mil = (farashin tikiti da kuɗi − kuɗin da za a biya kan tikitin mil) ÷ adadin mil
```

Tikitin mil ba kyauta ba ne gaba ɗaya. Haraji yana nan, kuma kamfanoni da yawa suna ƙara nasu cajin, wanda za ka gani a bayanin farashi da alamar `YQ` ko `YR`. Da ana kiransa kuɗin mai, amma ko farashin mai ya sauka yana nan. Wasu shirye-shirye suna ɗora maka shi duka, wasu kuma, kamar United da Aeroplan na Air Canada, ba sa ɗorawa kan tikitin mil. Kujera ɗaya a jirgi ɗaya tana iya zuwa da caji mai nauyi ta wannan shiri, ta wancan kuma haraji kawai.

Mu gwada abubuwa uku da lambobin misali. Na farko, doguwar tafiyarka ta dala 800. A ce shirin yana neman mil 50,000 da dala 280 na haraji da caji. Abin da ka tsira da shi dala 520 ne, ka raba da 50,000, kowane mil ya tashi santi ɗaya da ɗan ɗigo. Tikitin mil kuma ba ya haifar da sababbin mil, saboda haka ka rasa 3,000 da za ka samu da ka biya kuɗi, darajar ta koma ƙasa da santi ɗaya. Kuma da 7,000 a shekara, sai ka yi shekara bakwai kana jira.

Na biyu, gajeriyar tafiyarka, zuwa kawai, a lokacin cunkoso da tikiti ya yi tsada. Farashinsa dala 260, shirin yana neman mil 10,000 da dala 40. Ka tsira da 220, kowane mil ya ba ka santi 2.2, ninki biyu na na farko, kuma abin da za ka tara cikin shekara ɗaya da rabi ne.

Na uku, kantin kayayyaki na shirin, inda na'urar sauraro ta dala 60 take mil 15,000. Santi 0.4 ke nan. Wannan sai idan mil ɗin za su mutu gobe.

Abin da lissafin ya nuna shi ne abin da nake gaya wa duk mai tafiya irin taka: ka daina hangen doguwar tafiya kyauta, ka hari gajeren tikiti na zuwa kawai a lokacin da kuɗinsa ya yi tsada. Dalilin da ya sa hakan ke aiki shi ne wasu shirye-shirye har yanzu suna da tsayayyen jadawali bisa nisa ko yanki, musamman kan jiragen abokan ƙawance, don haka farashin kuɗi yana iya hawa amma na mil ya tsaya. Wasu kuma sun bar jadawali, farashin mil yana bin na kuɗi sama da ƙasa. Delta ya cire jadawalinsa tun 2015. A irin waɗannan da wuya ka samu darajar da ta zarce, amma kusan kullum akwai kujera. Za ka ji ana cewa bizines ne ya fi ba da daraja, kuma a kan takarda haka ne, tunda tikitin dala dubu uku yana iya zuwa da mil 70,000 ko 80,000. Amma kuɗin da ka tsira da shi na gaskiya shi ne wanda da ma za ka kashe. Idan ba ka taɓa niyyar sayen bizines ba, to daɗi ka samu, ba ajiya ba, kuma a saurin tarinka wannan aikin shekara goma ne.

Ba na son ka jira shekara goma saboda wani dalili kuma. Mil kuɗi ne da kamfani ke bugawa, shi ne kuma ke yanke farashin abin da suke saya, kuma yana iya ɗaga shi ba tare da dogon gargaɗi ba. A tsawon shekarun da na yi ina kallon jadawalai, hawa suke yi akai-akai, saukarsu kaɗan ce. Mil ɗin da ke kwance ba ya haihuwa. Da zarar sun isa tikitin da da ma za ka saya, kuma lissafin ya ba ka sama da santi ɗaya da rabi, ka kashe.

Samun kujerar ma yana da nasa lokaci. Kamfani yana ware 'yan kujeru ne kawai ga masu mil a farashi mai sauƙi, kuma ganin kujeru babu kowa a jirgi ba ya nufin an ware maka. Ana buɗe jadawalin tafiya tsakanin kwana 330 zuwa 360 kafin ranar, British Airways kwana 355, kuma lokacin ne aka fi samu, sai kuma sati biyu na ƙarshe lokacin da kamfani ya ga abin da ba zai sayu ba. Ka nemi zuwa daban, dawowa daban, ka gwada kwana ɗaya ko biyu gaba da baya. Idan ku biyu ne kuma kujerar mil ɗaya ta fito, ɗaya ya tafi da mil ɗaya da kuɗi, babu laifi a hakan. Kafin ka tabbatar, duba kuɗin sokewa, don a shirye-shirye da yawa tikitin mil ya fi tikitin rangwame sauƙin sokewa, ana mayar maka da mil ɗin bayan ɗan caji.

Akwai abin da nake so ka kiyaye, don shi ne inda kamfanoni ke cin ribar mutane irinka. Mil 3,000 na doguwar tafiyarka, a santi 1.2, dala 36 ne. Idan jirgin ƙungiyarka yana dala 800 kuma wani kamfani mai kyau yana 720, ka bi mai 720. Biyan ƙarin dala 80 don samun abin da bai kai 40 ba asara ce. Mil su zama abin da ke raba gardama idan farashi da lokacin tashi sun yi kusa da juna. Haka ma harafin tikiti: idan ƙarin dala 25 zai ɗaga ka daga kashi 25 zuwa 75, wato ƙarin mil 3,000, ya cancanta, musamman idan ya zo da damar sauya rana. Idan ƙarin dala 120 ne, bar shi.

Matsayi kuwa, irin katin azurfa da na zinare, ka cire shi daga ranka. Ana ƙirga shi da wani ma'auni daban wanda ke komawa sifili kowace shekara, kuma matakin da ke buɗe ɗakin hutu da ƙarin kaya yana bukatar tafiyar da ta ninka taka sau da yawa. Ranar da kake bukatar ƙarin jaka, biyan kuɗinta ya fi arha nesa ba kusa ba.

Katin banki mai ba da mil shi ne hanyar da masu tarin mil da yawa suke samun mafi yawan nasu, amma ba a kowace ƙasa ake samunsa ba. Inda akwai, ka auna kuɗin shekara na katin da darajar mil ɗin da sayayyarka ta yau da kullum za ta kawo, kuma idan ba ka biyan bashin duka kowane wata, kuɗin ruwa zai cinye ribar tun watan farko. Otal da hayar mota su ma suna ba da 'yan mil idan ka ba da lambarka. Ba su da yawa, amma a shirin da agogonsa ke komawa farko, mil ɗari daga kwana ɗaya a otal sun isa su raya asusu gaba ɗaya a shekarar da ba ka yi tafiya ba.

Sayen mil daga kamfani yana da amfani a hali ɗaya: kana da 9,000, tikitin yana neman 10,000, kujerar tana nan a buɗe a gabanka. Sayi dubu ɗayan ka kama ta nan take. Farashin da suke sayarwa galibi ya wuce darajar da za ka samu, saboda haka saye don ajiya ba ya biya. Kuma ka guji dillalan da ke tallan tikitin mil mai arha ko suke son sayen naka. Ƙa'idojin shirye-shiryen sun hana, ana soke tikitin a rufe asusun, wani lokaci fasinja yana filin jirgi zai ji labari, kuma wasu daga cikin mil ɗin da suke sayarwa daga asusun mutane aka sato su. Asusun da mai shi ba ya leƙawa sai sau biyu a shekara shi ɓarayi suka fi so, don haka ka sa masa kalmar sirri ta daban, ka kunna tabbatarwa ta waya idan shirin yana da ita.

Idan muka ɗauki lambobin nan a matsayin naka, ga yadda shekara biyu masu zuwa za su kasance. Ka zaɓi asusu ɗaya, ka nemo tafiyarka ta ƙarshe idan lokacinta bai wuce ba, wato mil 3,000 tun kafin ka sake hawa jirgi. Shekarar farko ta ƙara 7,000, ka kai 10,000. A nan ka fara leƙa gajeriyar tafiyarka ta shekara mai zuwa da zarar an buɗe jadawalinta, ka ɗauki ɓangaren da ya fi tsada da mil, ɗayan ka biya kuɗi. Daga nan za ka riƙa samun irin wannan tikitin kusan kowace shekara ɗaya da rabi, ko kowace shekara idan mil ɗin iyali sun shigo tukunyar. Ka sa tunatarwa a wayarka wata uku kafin ranar wa'adin da asusun ya nuna, kuma duk lokacin da ka dawo daga tafiya, bayan sati biyu ka buɗe ka tabbatar mil ɗin sun shiga da adadin da jadawalin harafinka ya ce.